Sharaɗin da Ajimi Mai Fito Ya Ƙara a Takardar Aikinsa

Da sunan Allah nake buɗe wannan rubutu, Shi da ya gudanar da koguna a bayan ƙasa, ya sanya su hanya da abinci ga bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, na yi nufin in ajiye labarin wani maƙwabcina, Ajimi mai fito, domin ba malami ba ne balle almajiransa su ambace shi, ba kuma basarake ba ne balle maroƙa su riƙe sunansa. Mutum ne da ya yi rayuwarsa tsakanin gaɓa biyu na kogin Gashua, ya ƙetarar da mutane har ƙarfinsa ya ƙare.

Ajimi Bamange ne, wato reshen Barebari, dogo, siriri, mai ƙarancin magana a tudu. Fito ya gada daga mahaifinsa. Tun kafin ya mallaki kwalekwale ya iya ɗaura kayan mutum a kan manyan goruna, ya tura su yana iyo a baya. Idan yana tafiya a cikin gari sai ka ga kamar bai gama amincewa da ƙasa ba, yana ɗaga ƙafa a hankali irin na zalɓe. Amma idan ya tsaya a ƙarshen kwalekwalensa da doguwar sanda a hannu, sai jikinsa ya natsu, idonsa ya tafi can inda ruwa ya haɗu da sama. Sau da yawa nakan shiga jirginsa in ga ya manta da mu, yana kallon furen bado da balbelu da ke sauka a fadama, jirgin kuwa yana tafiya daidai kamar shi ma ya san hanya. Na taɓa tambayarsa abin da yake gani. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ba kome. Ruwan ne yake wucewa, ni kuma ina raka shi kaɗan."

A shekarun da jirgin ƙasa ya fara isowa Nguru, wani saurayi Bafillace mai suna Bobboi ya zo bakin kogin nan. Ciwo ya shiga garken gidansu ya share shi, ya fito da sandarsa da butarsa kawai. Ajimi ya ƙetarar da shi bai karɓi kome ba, ya kuma ba shi busasshen kifi a hanya. Daga nan abota ta ƙullu. Da yake tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa tun kaka da kakanni, ba su taɓa gaisawa kamar mutanen kirki ba. Bobboi yakan ce, "Ina bawana mai warin kifi?" Ajimi ya amsa, "Ga ubangijinka nan, ɗan Fillo marar saniya." Sai su riƙe hannun juna su daɗe ba su saki ba.

Bobboi ya wuce Nguru. Ya yi shekaru yana barantaka a gidan wani attajiri mai sayen fata, ya koyi aikin, ya san fatar da aka shanya a inuwa da wadda rana ta ƙona. Bayan attajirin ya rasu ya fara nasa, Allah ya buɗa masa, har ya zama wakilin wani kamfanin Turawa, yana saya musu fata da ƙirgi da ƙaro. Duk Babbar Salla yakan aiko wa Ajimi da riga, Ajimi kuma yakan aika masa da bandar kifi, da saƙon cewa Bafillace ya ci ya san daɗin duniya.

Shi kuwa Ajimi, kwalekwalensa ya tsufa tare da shi. An toshe shi da tsumma da danƙo har ya zama toshin ya fi itacen yawa. A daminar shekarar 1947, wata safiya ya tsage daga kai har tsakiya, a kusa da gaɓa, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Sabon jirgi kuwa daga nesa ake kawo shi, kuɗinsa ya fi ƙarfin Ajimi. Ya koma ga goruna kamar yadda ya fara yana yaro, amma ƙirjinsa ba na yaro ba ne, sanyin ruwa ya sa masa tari. 'Yar gonarsa da ke wajen Katuzu ambaliya ta cinye ta. Sai aka fara magana a gidansa cewa bayan Salla za su tattara su tafi wajen dangin matarsa a Yusufari, ya yi noman gero a cikin tuddan yashi, inda ba a ganin ruwa sai a ƙasan rijiya. Matarsa Yakaka ta riga ta fara ɗaure ƙore. Ajimi bai ce a'a ba, amma kullum da hantsi sai a same shi zaune kusa da tsagaggen jirginsa yana kallon ƙetare.

Ana saura kwanaki kaɗan Salla, direban wata mota ya kawo masa saƙo daga Nguru: riga kamar kullum, da ambulan. Ajimi ya zo zaurena da rigar a kafaɗa, ambulan ɗin a tafin hannu biyu, domin ni ne mai karanta wa unguwa wasiƙa. Yakaka ta biyo shi ta tsaya daga bakin ƙofa. Na buɗe na sami takarda biyu iri ɗaya. Kowace an buga fuskarta da keken rubutu da boko, a bayanta kuma an rubuta maganar da ajami. Na karanta musu a hankali. Ga abin da ta ƙunsa, bayan sallama:

"Daga Bobboi, mai sayen fata da ƙaro a Nguru, zuwa ga Ajimi mai fito a Gashua. Ina neman ka karɓi aiki a wurina. Aikin shi ne ƙetarar da kayana da ke zuwa daga wajen Dapchi, da tsare su a sitona na bakin kogi har mota ta ɗauka. Idan ruwa ya janye, tsaron siton ne aikinka. Zan ba da sabon kwalekwale. Nawa ne, yana hannunka muddin kana aikin, kuma ba ya ɗaukar kome sai kayana. Albashinka fam ɗaya da sule goma a kowane wata na Turawa, ana biya a ƙarshen wata, rani da damina. Za ka fara ranar Asabar, ɗaya ga Nuwamba, 1947, wadda ta yi daidai da sha bakwai ga Zulhajji. Ranar Juma'a da ranakun Salla babu aiki. Abin da ya ɓata ba da sakacinka ba, ba ka biya. Wanda ya so barin wannan yarjejeniya a cikinmu, ya sanar da ɗaya da wata guda. Idan ka yarda, ka dangwala yatsa a takardun biyu a gaban shaida, ka riƙe ɗaya, ka maido ɗaya kafin ranar farawa. Idan ba ta dawo ba, zan san ba ka so, in nemi wani, domin kaya ba sa jira."

Da na gama, zuciyata ta yi sanyi. Na daɗe ina karanta wasiƙu, ban taɓa ganin wadda ta cika sharuɗɗan ijara kamar wannan ba. Malaman fiƙihu sun ce ɗaukar mutum aiki ba ya inganta sai an san lada, an san aikin, an san lokaci. Ga su nan duka uku, ba ɗaya da aka bari a duhu. Yakaka ta ce, "Alhamdu lillahi. Bari in je in kwance ƙorena."

Ajimi kuwa ya ce, "Malam, sake karanta mini wurin wata gudan nan."

Na sake karantawa.

Ya ce, "Wato tun ba mu fara ba ya shirya yadda za mu rabu."

Na ce ba haka ake nufi ba. Ya girgiza kai. Ya ce, "Kuma ya yanka mini kuɗi. Ni Ajimi, Bobboi ya auna ni, ya ga nauyina fam ɗaya da sule goma ne."

A nan ya kamata in yi wa wanda bai san zamanin ba bayani. A wurinmu a lokacin, idan mai hali ya so ya ja mutum a jiki, ba ya ambatar lada. Cewa yake, "Zo ka zauna tare da ni." Shi ke nan. Ya ciyar da kai, ya tufatar da kai, ya yi wa 'ya'yanka aure, idan ka yi rashin lafiya ya nemo magani. Ba ka tambaya, shi kuma ba ya ƙirgawa. Wanda ake yanka wa kuɗi shi ne baƙon da ba a san asalinsa ba, irin leburorin da ke dakon buhuna a tashar jirgi, waɗanda ake sallama da yamma a manta da fuskarsu. Saboda haka abin da ni na gani adalci, Ajimi ya gan shi a matsayin an fitar da shi daga gida an tsayar da shi a layi.

Yakaka ta shigo zauren sosai, abin da ba ta saba ba. Ta ce, "Maigida, shekara nawa yana kiranka bawa kana dariya? Yau ya kira ka ma'aikaci, ya ba ka jirgi, sai ka yi fushi?"

Ya ce, "Wancan wasa ne. Wannan da keke aka buga shi."

"To, a Yusufari wane kogi za ka tuƙa? Yashi?"

Ajimi ya kau da kai. Na kawo masa labarin Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, yadda ya yi kiwo a Madyana bisa shekarun da aka ambata a fili, kuma wannan bai rage masa daraja ba, bai hana shi zama surukin gidan ba. Ajimi ya saurara da ladabi har na gama. Sa'an nan ya ce, "Gaskiya ne, Malam. Amma shi baƙo ya zo musu. Ni kuwa Bobboi ya san ni." Ya naɗe takardun ya sa a aljihu, ya bar rigar a kan buzuna, ya fita.

Aka yi Salla. Ajimi ya je idi da tsohuwar rigarsa. Kwanakin da suka biyo baya ruwa ya kai maƙura, ya malale fadama har ba a gane inda kogi ya tsaya. Da rana gari yakan yi tsit, ba ka jin kome sai kukan kirinjijiya daga nesa da sautin taɓarya. Nakan hango shi daga inuwar tsamiya inda nake karatu, yana zaune a bakin ruwa, hasken rana yana rawa a fuskarsa. Wata rana na je na zauna kusa da shi. Ya ce mini ya yi barcin rana ya ga kansa a cikin jirgi sabo, fari, yana tafiya a kan tuddan Yusufari, yashin yana buɗewa a gabansa kamar ruwa, amma duk inda ya soka sanda ba ya jin ƙasa. Ya tambaye ni fassara. Na ce ni ba na gaggawar fassara mafarki, amma na san ranar Asabar tana matsowa, kuma Bobboi ya faɗa a fili cewa idan takarda ba ta dawo ba zai nemi wani.

Ya ce, "Za ta koma. Ni zan kai masa da hannuna, ba yatsa a kanta. In ya so ya dube ni ya karɓa. Ka raka ni, Malam, don kada a ce na ce abin da ban ce ba."

Muka shiga motar da ke kai kanwa Nguru, muka zauna a kan buhuna. Hanyar yashi ce, motar tana nitsewa ana tona ta, tana tafiya tana hutawa. Goriba suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. A can gaba kawalwalniya ta shimfiɗa wani tabki mai haske wanda kullum muka matso sai ya ja da baya. Ajimi ya zuba masa ido har ya yi gyangyaɗi, hannunsa a kan aljihun da takardun suke. Ni ma na lumshe ido, ina jin ƙugin motar kamar daga cikin rijiya yake fitowa. Ban farka ba sai da jirgin ƙasa ya yi kuka, na ga hayaƙinsa a tsaye bisa rufin kwano na kantuna.

Siton Bobboi yana bayan tasha. Warin fata da na maganin da ake zuba mata ya tare mu tun daga nesa. Muka same shi zaune a kan tabarma a rumfar gaba, ya yi ƙiba kaɗan, gemunsa ya fara fari. Daga gefe akwai akawunsa, wani Bakano mai suna Rabe, a bayan tebur da keken rubutu. Da Bobboi ya hango mu sai ya miƙe, fuskarsa ta washe. Ya ce, "Rabe, toshe hancinka, ga bawana mai warin kifi ya iso."

Ajimi ya durƙusa kamar yadda talaka yake yi wa mai sarauta. Ya ce, "Ranka ya daɗe, mun same ku lafiya?"

Na ga murmushin Bobboi ya tsaya a inda yake. Ya gaishe ni, ya sa aka kawo ruwa da fura, ba wanda ya taɓa. Ajimi ya fito da takardun ya ajiye su a gefen tabarma. Bobboi ya duba ya ga ba yatsa. Ya ce, "Kuɗin ne ya yi kaɗan?"

"Ban zo ciniki ba. Ni ba fata ba ne."

"To mene ne?"

Ajimi ya ce, "Ranar da ka zo bakin kogi da butarka, takarda na ba ka? Da ka aiko ka ce, Ajimi, zo, da na zo. Ko ba ka ba ni kome ba sai tuwo, da na zo. Amma ka sa yaron nan ya buga ni a keke, har da ranar da za ka kore ni."

Rabe ya ce, "Baba, ai ƙa'ida ce. Kamfani ba ya yarda a danƙa kayansa ga wanda ba shi da takarda."

Bobboi ya ɗaga wa Rabe hannu ya tsayar da shi. Ya daɗe yana kallon ƙasa, yana murza bakin rigarsa. Da ya yi magana muryarsa ta yi ƙasa, har sai da na matso. Ya ce, "Abin da Rabe ya faɗa gaskiya ne, amma ba shi kaɗai ba ne. Ka san na zauna da maigidana shekaru. Zo ka zauna tare da ni, haka ya ce mini. Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa. Amma duk ranar da nake bukatar abu sai in tsaya ina karanta fuskarsa, in ga ko yau ya tashi da daɗin rai. Matata ta yi ciwo, na yi kwanaki ina zagaya ƙofarsa ban iya buɗe baki ba. Ban so ka zagaya ƙofata haka ba. Na so ƙarshen wata ya zo ka miƙa hannu ka karɓi naka, ko ina fushi ko ina dariya, ko ina gari ko ba na nan."

Ajimi ya ce, "Da ka zo ka faɗa mini da bakinka."

Bobboi ya ce, "Ni? In zauna a gabanka in dubi idonka in ce sule kaza? Kai ma ka san Bafillace ba zai iya ba. Na hau mota zan zo, na sauka tun ba ta tashi ba. Takarda ba ta jin kunya, shi ya sa na aike ta."

A tasha ana haɗa taragai, ƙarar tana zuwa tana komawa. Wani ƙuda ya sauka a bakin ƙwaryar fura. Ajimi ya juyo gare ni. Ya ce, "Malam, takardar nan shi kaɗai yake da baki a cikinta?"

Na ce a'a. Yarjejeniya ta mutum biyu ce. Abin da ya rubuto tayi ne; kafin ka sa yatsa kana da ikon ka ce a cire, ko a ƙara, idan ya yarda.

"Bara yana da wannan ikon a gidan ubangidansa?"

Na ce ba shi da shi.

Ya gyara zama. Ya janye ƙafafunsa daga durƙuson ya miƙe su a kan tabarmar. Ya ce wa Rabe, "Kai, ɗan Kano, sa takarda a kekenka. An ce jirgi ba ya ɗaukar kome sai kaya. Ban yarda ba. Idan marar lafiya ya zo gaɓa, ko masu ɗauke da gawa, ko mace mai naƙuda, su ne a gaba, fata ta jira. Ta riga ta mutu, ba ta sauri. Idan kuma ba kaya, duk wanda ya tsaya a gaɓa zan ƙetarar da shi."

Rabe ya dubi maigidansa. Bobboi ya ce, "Rubuta. Amma kada ya haɗa mutane da kaya a tafiya ɗaya, kada nauyi ya yi yawa."

Ajimi ya ce, "Yau kuma makiyayi ne zai koya mini nauyin jirgi. To, na yarda. Na biyu: duk ranar da Bobboi ya zo Gashua, a gidana zai sauka, abincin gidana zai ci. Ba gidan baƙi ba, ba gidan wani attajiri ba."

Rabe ya cire hannunsa daga keken. Ya ce, "Wannan kam ba a sa shi a takardar aiki. Idan Bature ya gani me zan ce masa?"

"Ka ce masa sharaɗi ne. Ko ba ku ne masu son sharaɗi ba?"

Rabe ya ce to a sa shi a ajami kawai, a bar bokon yadda yake. Na ce wannan ba zai yiwu ba, domin idan fuska biyu na takarda suka saɓa, an buɗe ƙofar jayayya. Abin da ke gaba shi ne zai kasance a baya. Na kuma yi nazari a raina ko irin wannan sharaɗi yana ɓata ijara. Na ga bai taɓa lada ba, bai taɓa aikin ba, bai jefa kowa cikin rashin sani ba. Alkawari ne na alheri da aka jingina da ita. Na ce ban ga laifinsa ba.

Bobboi ya ce, "Gidanka da sauro ya fi mutane yawa?"

"Shi."

"Kullum kifi?"

"Safe da yamma."

Bobboi ya yi ajiyar zuciya. Ya ce, "Rabe, buga. Na taɓa jin an sayi bawa, ban taɓa jin bawa ya sa wa ubangijinsa doka ba."

Ajimi ya ce, "Ai ba ka taɓa ɗaukar Bamange aiki ba, ɗan Fillo."

Rabe ya sake buga takardun biyu daga farko, yana gunaguni, ni kuma na rubuta ajamin a bayansu, na karanta musu duka da ƙarfi. Maganar wata guda tana nan ba a cire ba. Da na iso wurin na dakata, na dubi Ajimi. Ya ce, "Bar ta. Ni ma ina iya korarsa." Bobboi ya sa hannu. Aka kawo tawada, Ajimi ya dangwala babban yatsansa a takardun, ya daɗe yana kallon zanen da ya fito. Ya ce mini ya yi kama da ruwa inda yake juyawa a ƙarƙashin gaɓa. Ni da Rabe muka sa hannu a matsayin shaidu. Bayan haka aka sha furar.

Sabon jirgin ya riga mu zuwa Gashua, domin tun da damina Bobboi ya yi odarsa, yana ɗaure a wajen wani masunci. Ranar Asabar ɗin Ajimi ya yi sallar asuba ya sauka bakin kogi. Ya kwance jirgin, ya tura shi ƙetare, ya ɗaure, ya zauna yana jiran kaya. Kaya ba su zo ba. Ayarin Dapchi ya makara a hanya, sai bayan kwana biyu ya iso. Da azahar Yakaka ta shiga jirgin wani ta kai masa abinci. Ta ce, "Tun da ba kome, ka dawo gida mana ka huta."

Ya ce, "An rubuta yau na fara."

"Fara me? Zama?"

"In zaman ne aikin yau, shi zan yi."

Ya ƙetarar da wata tsohuwa da akuyarta, da wasu mata masu tallan nono, ya koma ya ɗaure. Da la'asar na sauko alwala na hango shi can, kwance a cikin jirgin, hularsa a kan fuska, hannunsa ɗaya a cikin ruwa, jirgin yana lilo a hankali a ƙarshen igiyarsa. Ba a je Yusufari ba.

Ya yi wannan aiki kusan shekara goma. Ƙarshen kowane wata yakan karɓi albashinsa daga hannun direba ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Sau ɗaya guguwa ta kifar da jirgin, ɗaurin fata ya tafi. Aka bincika aka ga ba sakacinsa ba ne, ba a cire masa ko anini ba. Bobboi kuwa ya sauka a gidansa duk zuwan da ya yi, yana ƙorafin sauro, yana cinye kifin. Da tari ya ci ƙarfin Ajimi, shi da kansa ya zo zaurena ya ce in rubuta wa Bobboi sanarwar wata guda. Bobboi ya aiko cewa ba ya bukatar sanarwa, ya huta kawai. Ajimi ya ƙi, ya cika watan a tsaye a kan jirgi, sa'an nan ya miƙa sandar ga wanda aka ɗauka a madadinsa. Ya rasu da kakar da ta biyo baya, ruwa yana cike, aka binne shi a tudun da ke kallon mashigi.

Allah ya gafarta masa, ya yalwata kabarinsa, ya ƙetarar da shi lafiya a ranar da kowa zai nemi ƙetarewa, mu da shi da sauran Musulmi baki ɗaya.